Babi na huɗu ya dawo da jan biro: wai a ina faɗin sakamako yake tsayawa?

Ɗan_Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka riga mu wuce wajen nan ku taimaka min. Furojet ɗina a kan shinkafa ne, FARO 44, na yi gwajin da rani a fadamarmu, matakin taki biyar, kowane mataki fangali uku. Ga abin da na samu, kilon naitirojin a hekta da kuma tan nawa hekta ta bayar:

0 ya ba da 2.1
40 ya ba da 3.0
80 ya ba da 3.8
120 ya ba da 4.1
160 ya ba da 4.0
LSD ɗin kuma, wato mafi ƙarancin tazarar da lissafi zai ɗauka a matsayin bambanci, 0.35 ne a matakin 5%

Abin da na rubuta ƙarƙashin tebur ɗin, da turanci ne amma ga ma'anarsa: amfani ya yi ta ƙaruwa yayin da ake ƙara taki saboda naitirojin yana sa shinkafa ta yi 'ya'ya da yawa, amma a 160 ya ragu saboda takin ya yi yawa shinkafar ta kwanta, kamar yadda masu bincike da dama suka nuna. Malamina ya zagaye fiye da rabin maganar da jan biro ya rubuta a gefe wai wannan na babi na biyar ne, wato babin tattaunawa. To ni abin da ban gane ba, in na cire duk wannan me zai rage? Sai dai in sake karanto lambobin da ke cikin tebur, kuma shi ma ya ce kar in maimaita tebur. Ya ake so in yi kenan?

Abban_Hadiza:
Wa alaikumussalam. Abu mai sauƙi ne ƙanena, duk inda ka ga ka rubuta kalmar saboda ka goge daga nan har ƙarshen jimlar, shikenan ka gama. Haka na yi nawa ya wuce ba wanda ya tsayar da ni.

Sarkin_Noma_Ƙarami:
160 ai ya yi yawa malam, wa ya ba ka wannan shawarar? Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ne a ciki, kenan kusan buhu bakwai ka zuba wa hekta ɗaya, dole ta kwanta mana, ga tsadar taki yanzu. Mu nan buhu uku zuwa huɗu muke sawa kuma kashi biyu ake raba shi, ba a zuba shi lokaci guda.

Ɗan_Auyo:
Baba ba shawarar taki nake nema ba 😅 da gangan aka sa mai yawan don a ga inda amfanin zai tsaya. Rubutun ne ya tsaya min a wuya.

Malama_Ringim:
Ɗan_Auyo, kafin a zo kan maganar saboda, akwai abin da ya fi shi girma a jimlarka kuma ina zaton shi malaminka zai kamo a zagaye na gaba. Ka ce amfani ya ragu a 160. Daga 4.1 zuwa 4.0 tazarar 0.1 ce, LSD ɗinka kuma 0.35. Duk tazarar da ba ta kai 0.35 ba gwajinka bai iya raba ta da bambancin da ake samu tsakanin fangali da fangali haka kawai ba. Kenan ka zauna kana kawo dalilin raguwar da lissafinka ma bai tabbatar an yi ta ba. Kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa ake raba babin biyu, in mutum ya yi saurin kawo dalili sai dalilin ya rufe masa ido ya daina duba lambar, tunda ya riga ya ga shinkafa a kwance zuciyarsa ta gama yanke hukunci.

Yanzu tambayarka, me zai rage. Da yawa ma kuwa. Tebur yana ba da lambobi ne ɗaya bayan ɗaya, aikinka kai shi ne ka faɗi siffar tafiyarsu, wadda mai karatu ba zai gani ba sai ya zauna ya yi ta ɗebewa da kansa. Ina aka nufa, sama ko ƙasa? Da nawa? A ina hawan ya fi ƙarfi, a ina ya lafa? Wanne ne ya bambanta da wanne a lissafi? Ka ɗebe da kanka ka gani, kilo 40 na farko ya ƙaro 0.9, na biyu ya ƙaro 0.8, na uku 0.3 kacal, na huɗu bai ƙaro komai ba. Wannan ba ya cikin tebur ɗinka a rubuce, kuma babu dalili ko ɗaya a ciki. Da ni ce ga yadda zan sa shi:

Matakin naitirojin ya yi tasiri a kan yawan amfani (p < 0.05, Tebur 3). Amfani ya tashi daga tan 2.1 a hekta inda ba a sa taki ba zuwa tan 3.8 a kilo 80, ƙarin kusan kashi 81 cikin ɗari. Daga kilo 80 zuwa sama hawan ya lafa, amfani ya tsaya tsakanin tan 3.8 da 4.1, kuma ba a sami bambanci mai ma'ana a lissafi tsakanin kilo 80, 120 da 160 ba.

Jimla uku kenan, lambar tebur ɗin da p ɗin sai ka sa naka na gaskiya kamar yadda suka fito. Ka lura ban ambaci 3.0 ba ma, yana nan a tebur ga mai so.

Ɗan_Auyo:
Allah ya saka da alheri Malama, wlh ban taɓa ɗebe su haka ba. Amma tsaya, ke ma ai kin ce naitirojin ya yi tasiri, wannan ba dalili ba ne? Me ya raba shi da nawa?

Malama_Ringim:
Ya bambanta. Kai ka zuba takin da hannunka, ka raba matakan a fangaloli ta hanyar ƙuri'a, iri ɗaya, ruwa ɗaya, ranar dashe ɗaya, ANOVA kuma ta gwada wannan tambayar kai tsaye. To cewa taki ya yi tasiri abu ne da gwajin ya auna. Amma ta wace hanya ya yi tasirin, ta yawan 'ya'ya ne, ta tsawon zangarniya ne, ta cikar tsaba ne, wannan kai ne kake haɗawa da tunaninka da karatun da ka yi, wani zai iya kallon tebur ɗin nan ya kawo wata hanyar daban kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Duk jimlar da mutum zai iya yarda da lambobinka gaba ɗaya amma ya yi maka musu a kanta, ta babi na biyar ce.

Abban_Hadiza:
To ai maganata ce dai aka tsawaita, a cire saboda.

Ummi_Gumel:
A'a Yaya ba ɗaya ba ne. Ni na goge duk wani saboda a nawa tsaf amma aka dawo min da shi, don na bar irin su wannan ya nuna cewa, da wanda ke nufin, da kamar yadda ake tsammani, da abin mamaki. Har kalmar ingantuwa malamata ta zagaye, na rubuta nauyin awaki ya inganta ta ce in rubuta ya ƙaru da kilo kaza, ko ƙaruwar alheri ce ko kitse ne kawai wannan hukunci ne. Sannan akwai saboda ɗin da dole ya zauna. Ni akuya biyu suka mutu min ana tsakiyar gwaji, dole na rubuta cewa rukuni na uku awaki shida ne aka yi lissafi da su maimakon takwas saboda biyu sun mutu a mako na biyar, in na goge wannan ai mai karatu zai ga lamba ta canza bai san me ya faru ba.

Malama_Ringim:
Ummi ta faɗi daidai. Dalilin da ya shafi yadda aka sami lambar, kamar fangalin da shanu suka shiga aka cire shi daga lissafi, ko ma'aunin da ya lalace, wannan labarin abin da ya faru ne, yana zama. Dalilin da ya sa lambar ta yi sama ko ƙasa shi ne yake ƙaura.

Jikan_Mai_Unguwa:
Ni fa wannan rabe-raben ban ga amfaninsa ba gaskiya. A sashenmu babi na huɗu sakamako da tattaunawa ne a haɗe, kana sa tebur kana bayani kana kawo wane da wane sun ce, ba wanda ya ce maka kanzil, mujallu ma da yawa haka suke karɓa. Kowane malami dai da nasa son ran.

Malam_Na_Kazaure:
Jikan_Mai_Unguwa rabin maganarka gaskiya ce, akwai sassan da suke haɗawa, akwai mujallun da suke yarda da hakan, kuma wanda sashensu ya raba sai ya bi na sashensu, a duba littafin ƙa'idar rubutun furojet na makaranta kafin a yi ta jayayya. Amma ko a haɗen ba a cakuɗa su a jimla ɗaya. Ka gama faɗin abin da aka samu, sannan ka buɗe sabon sakin layi ka ce mai yiwuwa kaza ne ya jawo. Na sha zama a difens, abin da yake kayar da yara shi ne estanal, mai jarrabawar da ake kawowa daga waje, ya ɗora yatsa a kan jimla ya ce nuna min tebur ɗin da wannan ya fito, sai ka ga yaro yana ta juya takardu gaba da baya gumi na karyo masa, don jimlar rabinta daga tebur ta fito rabinta daga kansa. Babi na huɗu shaida ne a gaban alƙali, abin da idonsa ya gani zai faɗa, in ya fara cewa ai na san dalilin da ya sa ya yi sai a ce masa ba a tambaye ka ba. Ɗan_Auyo ina da tambaya, ka ƙirga 'ya'yan? Kwanciyar kuma ka auna ta ko gani kawai ka yi?

Ɗan_Auyo:
'Ya'ya na ƙirga ranka ya daɗe, suna Tebur 2, su har 160 ba su daina ƙaruwa ba. Kwanciya kam ban auna ba, ba ta cikin abin da muka tsara a babi na uku. Amma na gani da idona, fangali biyu cikin ukun na 160 sun kwanta ta gefen da iska ke bugowa kamar kwana goma kafin yanka, zangarniyar har tana taɓa laka, na ɗau hoto kuma na rubuta a littafin gona da kwanan wata. Sauran matakan ba wanda ya kwanta.

Malam_Na_Kazaure:
Madalla. To 'ya'yan suna da nasu sashe a babi na huɗu, ka faɗi tafiyarsu su kaɗai kamar yadda Malama ta yi wa amfani. Kuma ka ga wani abu, 'ya'ya sun ci gaba da hawa har 160 amma amfani ya tsaya tun daga wajen 80. Kana iya ajiye waɗannan biyun kusa da juna a babi na huɗu, ka ce yawan 'ya'ya ya ci gaba da ƙaruwa har kilo 160 alhali amfani bai yi ƙaruwa mai ma'ana a lissafi ba bayan kilo 80, wannan har yanzu faɗin abin da aka gani ne. Me ya sa ƙarin 'ya'yan bai zama ƙarin tsaba ba, nan ne babi na biyar zai yi daɗi, kuma ka ga ita kanta jimlarka ta farko da ka ce amfani na ƙaruwa saboda 'ya'ya ba ta riƙe har ƙarshe ba. Kwanciyar kuma ni zan bari ka sa jimla ɗaya, an lura da kwanciya a fangali biyu cikin uku na kilo 160, ba a ga haka a sauran ba, ba a auna girmanta ba. Ka tsaya nan kar ka ɗaura ta da amfani.

Malama_Ringim:
Malam a nan kam ban bi ka ba, da girmamawa. Abin da ba a faɗi yadda aka auna shi a babi na uku ba bai kamata ya ɓullo a na huɗu ba, estanal zai tambaya da wane ma'auni. Ni da zai bar ta sai a tattaunawa ya ce an lura da ita a gona amma ba a auna ba, ya sa ta cikin abin da bincike na gaba zai duba.

Malam_Na_Kazaure:
Hajiya ai kuma ƙa'idar da muke koya musu ita ce kar sabon sakamako ya fara fitowa a tattaunawa. In zai dogara da ita a can dole mai karatu ya riga ya gamu da ita. Sai ya ƙara layi ɗaya a babi na uku cewa an riƙa rubuta abin da aka lura da shi a gona, tunda da gaske ya rubuta ɗin.

Malama_Ringim:
In har da gaske yana littafin da kwanan wata to da sauƙi, amma ni dai na fi son ya tambayi malaminsa kafin ya taɓa babi na uku, wasu ba sa son a koma a gyara hanya bayan an ga sakamako.

Nas_Ta_Karkara:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda kusan ciwo ɗaya ne. Ni rajistar ƙaramin asibitin ƙauyen da nake aiki na bi, masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata na shekara biyu, kuma kowa ya san yadda abin yake, da damina ta yi nisa lamba sai ta hau, wajen Satumba da Oktoba abin ya fi ƙamari sannan ya sauko da sanyi. Na rubuta cewa masu cutar sun ƙaru saboda ruwan sama da yawan sauro, aka ce in cire. Wannan kuma ai ba hasashe ba ne, ko yaro ya sani, sai in yi kamar ban sani ba?

Malam_Na_Kazaure:
Ba wanda ya ce ki yi kamar ba ki sani ba 'yata, wajen faɗa ne aka canza miki. Naki ma ya fi na Ɗan_Auyo buƙatar taka tsantsan, shi da hannunsa ya sa taki, ke ba ki auna ruwa ba ba ki ƙirga sauro ba, mutanen da suka zo asibiti aka rubuta su kawai kika ƙirga. Ki tuna abubuwan da ke motsa wannan lambar ban da sauro. Watan da kayan gwajin jini suka yanke lamba za ta faɗi ko da cutar na nan. Hanya in ta yanke da ruwa mutanen wasu ƙauyukan ba sa isowa. Ga maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, shi ma yana taɓa lambar yaran. In kika rufe maganar da saboda ruwan sama tun a babi na huɗu kin toshe ƙofar duk waɗannan. Ki faɗi watan da ya fi ƙasa da lambarsa, watan da hawan ya fara, watan ƙololuwa da lambarsa, ninki nawa ne tsakaninsu, kuma ko shekarun biyu a wata ɗaya suka kai ƙololuwa. Kina iya cewa watannin damina a matsayin sunan lokaci, wannan ba dalili ba ne.

Nas_Ta_Karkara:
Kayan gwajin kam sun taɓa yankewa kusan wata guda a shekara ta biyu, kuma a giraf ɗin akwai wani rami a daidai nan da na rasa yadda zan yi da shi. Kenan shi zan faɗa a na huɗu?

Ummi_Gumel:
Eh Anti, irin na awakina ne. Ki ce a watan kaza ba a yi gwaji na tsawon kwana kaza ba, lambar watan ba cikakkiya ba ce. Kar dai ki ce shi ya jawo ramin gaba ɗaya tunda ba ki san nawa ne za su zo ba.

Abban_Hadiza:
To ni yanzu na koma kan tebur ɗin Ɗan_Auyo, tunda 80 da 120 da 160 ba bambanci sai kawai ya rubuta duk ɗaya suke, kuma 80 shi ya fi dacewa manomi ya sa, ya huta.

Malama_Ringim:
Biyu ɗin duka a'a. Ba a sami bambanci ba daban, duk ɗaya suke daban. Tsakanin 80 da 120 akwai 0.3, saura ƙiris ya kai 0.35, da fangali uku kacal, wanda ya yi da fangali shida zai iya ganin bambancin ya fito. Kuma 0.3 tan kilo 300 ne na shanshera a hekta, manomi ba zai ce ba komai ba ne. Sai ya rubuta abin da lissafi ya ce ya bar shi haka. Shi kuma ya fi dacewa shawara ce, tana buƙatar kuɗin taki da kuɗin shinkafa, wajenta can ƙarshe.

Sarkin_Noma_Ƙarami:
Yauwa yanzu aka zo wajena. Daga 80 zuwa 120 ƙarin yuriya wajen buhu ɗaya da kashi uku cikin huɗu ne, in zai kawo kilo 300 ai sai a duba farashin ranar kasuwa kafin a ce a'a. Ɗan_Auyo in ka gama ka kawo mana takardar mu gani.

Injiniyan_Fadama:
Ni abin da ya tsaya min, matakan nan lambobi ne masu hawa da tazara ɗaya, 40 40, me ya sa ake ta gwada su bibbiyu da LSD kamar iri biyar ne daban-daban? In tafiyar ake son bayyanawa a zana giraf, taki a ƙasa amfani a tsaye, a ɗora lanƙwasasshen layi a ba da lissafinsa da R², ko Excel zai yi wannan. Sai ka ce layin ya kai ƙololuwa a wajen kilo kaza, magana ta ƙare ba tare da saboda ba.

Malam_Na_Kazaure:
Haka ne Injiniya, masana lissafin gwaji da yawa sun fi son haka in matakan na adadi ne. Sai dai a kula, lanƙwasasshen layin nan dole ya hau ya sauko don haka siffarsa take, ko da shinkafar tsayawa kawai ta yi ba sauka ba, sai yaro ya koma yana cewa amfani ya ragu, abin da Malama ta hana shi tun farko. In zai sa, ya ce ƙololuwar ta layin da aka ɗora ce, kuma kar ya ja shi ya wuce 160 inda bai gwada ba.

Ɗan_Auyo:
Na gyara sakin layin amfani irin yadda Malama ta nuna, na kwashe maganar 'ya'ya da ta masu bincike na ajiye su a wani fayil na babi na biyar. Kwanciyar na bar ta tukuna sai na ga malamina ranar Litinin. Giraf ɗin ne ban sani ba, in na sa shi sai in cire tebur ɗin ko a bar su duka biyun? Don an taɓa ce mana kar a nuna abu ɗaya sau biyu.

Jikan_Mai_Unguwa:
Mu dai duka biyun muke sawa, shafi ma ya ƙaru.

Ummi_Gumel:
Mu kuma ɗaya aka ce mu zaɓa, ɗayan ya tafi rataye a baya. Ka haɗa da wannan a tambayoyin ranar Litinin ɗin, ka tafi da littafin gonar ma a hannunka.